An haɗe kamfani biyu wata takwas, amma har yanzu ana cewa "mu" da "su"

Tambaya: Salam yallabai. Kamfaninmu na raba kayan masarufi a Kakuri ya haɗe da wani na Kawo wata takwas kenan, takardu sun kammala, suna ɗaya, amma aiki kullum rigima. Wani ya ce mu gwada 7S, dan Allah meye shi kuma ta ina ake farawa?

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ma'auni ne na duba abubuwa bakwai a cikin kamfani, wanda ya fito daga kamfanin ba da shawara na McKinsey wajen 1980, Tom Peters da Robert Waterman na cikin waɗanda suka tsara shi, kuma an kira shi haka ne don duk kalmomin bakwai da harafin S suka fara a Turanci. Uku ana iya rubuta su a takarda: dabarar kasuwanci wato inda kuka dosa, tsarin wa ke ƙarƙashin wa, sai hanyoyin aiki na kullum kamar yadda ake yanka rasit, biyan kamasho da ƙirga kayan sito. Huɗun da suka rage ba sa kwanciya a fayil: ma'aikatan kansu, ƙwarewarsu, salon da manya ke tafiyar da mutane, da kuma aƙidar da kowa ya yarda da ita ko ba a faɗa ba, ita ce a tsakiya.

Toh kuskuren da aka fi yi shine a zauna a ofis a ba kowanne maki shi kaɗai, dabara takwas bisa goma, tsari bakwai, a tafa a tashi. Ba haka bane. Abin da ake nema shine ko wannan ya dace da wancan, domin kowanne zai iya zama mai kyau a karan kansa amma su riƙa karo da juna. In ka haɗa su bibbiyu zaka samu haɗi 21, kuma gaskiya ba wanda ke da lokacin bin su duka, ni dai abin da nake yi shine in ɗauki oda guda ɗaya in bi ta da ƙafa.

Bin oda kamar yaya?

Bari in yi maka misali da irin kamfaninku, lambobin nawa ne don a gane. A ce bayan haɗewa shugabanni sun ce dabarar yanzu ita ce a kai wa ƙananan masu shago kaya cikin awa 24, kuɗi hannu, a rage bashi. Sai wani mai shago a Tudun Wada ya yi odar katan 40 na taliya ranar Litinin da safe. Ka karɓi kwafin odar ka rubuta lokacin da ta isa kowane tebur da sunan wanda ya sa hannu.

Yaron talla da ya karɓa ɗan tsohon ɓangaren Kawo ne, su can da waya suke aiki, a kira Alhaji ya ce a ba shi, shikenan mota ta tashi. Amma sito na Kakuri ne, kuma mai sito ba zai buɗe ƙofa ba sai ya ga takarda da hannun akanta, akanta kuma yana jiran manajan ciniki, manajan ciniki kuma su biyu ne tunda an ji nauyin sauke ɗaya lokacin haɗewa, kowanne yana ganin hurumin ɗayan ne ko kuma nasa ne aka tsallake. Kaya suka fita Laraba da yamma, mai shago tuni ya sara a Kasuwar Bacci. Kaga a oda ɗaya ka kama abu biyu, dabara ta ce awa 24 amma tsari ya ajiye sa hannu uku da kujera ɗaya mai mutum biyu, sannan salon Kawo na baki ya ci karo da hanyar aikin Kakuri ta takarda.

Daga nan sai ka wuce wajen akanta ka ce ya nuna maka yadda ake lissafin kamasho, nan ne asiri yake tonuwa. In har ana biyan yaron talla kashi 1 cikin 100 na kayan da suka fita daga sito, ba na kuɗin da suka shigo ba, to odar naira miliyan 5 bashi ga babban dila ta ba shi dubu 50 a waya ɗaya, alhali sai ya zaga shaguna 25 masu sayen dubu 200 kafin ya haɗa wannan. Wa zai sha rana? Ko sau nawa aka yi miting ana cewa a rage bashi, albashi yana faɗa masa akasin haka, kuma albashin zai saurara.

Su kuma aƙida da salo da ba a gani, ya ake auna su? Mun raba fom kowa ya cika ya ce lafiya lau.

Ai dama haka zasu ce, wa zai rubuta gaskiya a fom ɗin da oga zai karanta, musamman ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. Ka zauna da mutum biyar ko shida daga kowane ɓangare, ɗaya bayan ɗaya, har da direba da mai gadi, ka yi musu tambaya iri ɗaya: wane laifi ne ake korar mutum a kansa a nan, kuma wa aka ƙara wa girma kwanan nan, me ya yi? In 'yan Kakuri suka ce fitar da kaya ba takarda, 'yan Kawo suka ce barin tsohon kwastoma ya tafi hannu rabbana, to ka samo bakin zaren, abin da ɗaya ke ɗauka amana shine ɗayan ke kira sata. Dukkansu mutanen kirki ne fa, tarbiyyar gida ce ta bambanta.

Ka kuma duba jerin waɗanda suka ajiye aiki tun haɗewa. Yawansu bai dame ni ba kamar su waye, in duk daga ɓangare ɗaya suke, ko kuma mutum biyun da suka san kowane dila daga Kawo zuwa Zariya ne suka tafi, to ƙwarewar da aka haɗe dominta ta bi su, saura motoci da bashi. Wannan ba ƙananan kamfanoni kaɗai yake ci ba, kamfanonin ƙera motoci Daimler da Chrysler sun haɗe a 1998 suka rabu a 2007, kuma bambancin salon aiki na cikin abin da aka fi ambata. Mu nan ma duk wanda ya yi aikin banki lokacin da Soludo yake gwamnan Babban Bankin Najeriya, da bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, zai ba ka labarin yadda aka daɗe ana tambayar mutum daga wane tsohon banki ya fito.

In mun gano matsalolin wanne zamu fara gyarawa?

Kar ku taɓa bakwai a lokaci guda. A misalin nan ni da kamasho zan fara, a mayar da shi kan kuɗin da aka karɓo, sai kujerar manajan ciniki a ba mutum ɗaya komai ɗacin maganar, sannan a sa iyaka, odar da ba ta kai dubu 500 ba kuma kuɗi hannu ce mai sito ya sallama da rasit kawai. Aƙida ba a canza ta da sanarwa a allo, tana biyo bayan abin da ake biya da wanda ake hukuntawa, kuma tana ɗaukar lokaci.

Iyakar wannan ma'auni kuma ka sani, cikin gida kawai yake dubawa, ba zai gaya maka ko dabarar kanta daidai ce ba, ko farashinku ya fi na Kano tsada. Bayan wata uku ka sake ɗaukar wata odar, daga wani yaron talla daban ba tare da ka sanar ba, ka rubuta awa nawa ta yi kafin mota ta fita get.