Akwatin sa'a a wasan waya: caca ce ko wasa?

Tambaya: Ƙanena a Tawa yana kashe kuɗin kiredi wajen buɗe akwatuna a wasan waya. Na yi masa faɗa, ya ce ai ba caca ba ce tunda ba a cin kuɗi. Gaskiya ne?

Yaya, rabin gaskiya ya faɗa miki. Kuɗi ba sa fitowa, amma suna shiga, kuma sai ya biya kafin ya ga abin da ke ciki: wataƙila rigar ɗan wasa mai tsada, wataƙila tarkacen da yake da su tuni. Saboda haka ne hukumar caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin akwatin da ake saye da kuɗi caca ne.

Mu yi lissafi. A ce akwati ɗaya dala hamsin ne, kuma sa'ar samun bindigar da yake so ɗaya ce cikin ɗari. Shi a ransa, buɗi ɗari ya isa. Ina! Kowane buɗi sabo ne, akwati bai san an sha wahala jiya ba. In yara ɗari suka buɗe sau ɗari-ɗari, kowa ya kashe jika 25, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu wayam. Kuma ba zai ji zafin jika 25 ɗin ba, domin an fara canza masa sefa zuwa lu'ulu'u ko tsabar wasa. Lu'ulu'u 60 ba ya kama da kuɗin cefane a ido.

Tambaya: To na karta da injin juyawa fa, da ake ba da tsabar kyauta?

Wannan ya fi damuna. Mai wasan ba ya biyan kowa ko dala, don haka ba abin da zai hana shi sakin ci da yawa a farko. Yaro ya ga tsabarsa ta kai miliyan, sai ya ɗauka hannunsa na da sa'a. Ran da ta ƙare, a ce ya jira awoyi ko ya saya.

Ki zauna kusa da shi ki kalli allon. Hoto biyu sun dace, na uku ya gota da kaɗan, kiɗa ya tashi kamar an ci. Faɗuwa ce, amma zuciya na jin “saura ƙiris”, yatsa ya sake dannawa. Abin da ke riƙe mutum a gaban kiyos ɗin tikitin doki ke nan, da cacar ƙwallo da ake ta maganarta a fada.

Tambaya: Yaya zan gane abin ya yi nisa?

Ba kowane yaro ne ke zarcewa ba. Amma ki saurari bakinsa. In kin ji “bari in mayar da abin da na rasa”, ko ya daina buga wasan kansa sai buɗe akwati, ko yana ɓoye nawa ya kashe, to ya fara. Ki sa ya nuna miki jadawalin sa'ar samun kowane abu a akwatin: tun 2017 Apple, sannan Google Play a 2019, suka wajabta a bayyana shi. Ku mayar da lu'ulu'un wata guda zuwa sefa a takarda, shi da kansa ya rubuta jimlar.