Takardar gargaɗin ƙarshe kafin kai ƙara: me ya kamata ta ƙunsa?

"Na ba wani kaya bashi, ya biya wani ɓangare ya ɗauke ƙafa. Me zan rubuta masa kafin in je kotu?"

Ka rubuta ta da sanin cewa wata rana alƙali zai iya karanta ta, shi kuwa bai san ku ba, bai san abin da ya gudana tsakaninku ba. Don haka ka fara da kwanan wata, da cikakken sunanka da nasa da adireshi. Idan da kamfani ka yi cinikin, sunan kamfanin da ke cikin rajista za ka sa, ba sunan manajan da kuka saba gaisawa ba. Wannan kuskuren kaɗai yana iya sa a ce ka kai ƙarar wanda ba shi ka ke bi ba.

Daga nan sai asalin bashin da lissafinsa. A ce kayan na 800,000 ne, ya karɓa ran 3 ga Maris bisa alƙawarin biya cikin kwana 30, sannan ya turo 300,000 ran 20 ga Afrilu. Sai ka rubuta haka ɗaya bayan ɗaya, ka ce saura 500,000, ka haɗa da kwafin rasit da shaidar abin da ya turo. Kada haushi ya sa ka nemi 800,000 ɗin gaba ɗaya. Da zarar ya fito da shaidar biyansa, sauran maganarka ma za a fara kallonta da shakka. Haka nan duk wani ƙari na jinkiri, idan ba ya cikin yarjejeniyarku kuma doka ba ta tanade shi ba, bar shi.

Ka faɗi inda zai biya, da ranar ƙarshe, da abin da zai biyo baya. Jimla ɗaya ta isa: "Idan ban karɓi 500,000 zuwa ranar 30 ga Yuni ba, zan shigar da ƙara a kotu in nemi kuɗin da kuma kuɗin shari'a, ba tare da sake sanar da kai ba." Ka kuma ba shi damar ya aiko da hujjarsa a rubuce idan yana musun lissafin.

"Kwana nawa zan ba shi?"

An fi ba da kwana 7 zuwa 14, amma ka fara duba yarjejeniyarku da ƙa'idar kotun da za ka je, domin wasu ƙasashe sun ƙayyade wa'adi. A Ingila, alal misali, ɗan kasuwan da ke bin mutum bashi sai ya ba shi kwana 30. Ka rubuta ainihin ranar, kada ka ce "nan ba da jimawa ba".

"Zan iya cewa zan sa 'yan sanda su kama shi, ko in tona masa asiri?"

A'a, kuma nan ne mai gaskiya ke mayar da kansa mai laifi. Kasa biyan bashi rikici ne na haƙƙi tsakanin mutum biyu, kotu ce ke raba shi. Cewa za ka kai ƙara haƙƙinka ne, ba wanda zai tuhume ka a kai. Amma "ka biya ko in sa a tsare ka", ko "ka biya ko in watsa hotonka", dokokin ƙasashe da yawa na iya ɗaukarsu a matsayin tsoratarwa don karɓar kuɗi, ga shi kuma ka rubuta da hannunka ka sa hannu. Kiransa ɓarawo ko macuci, sannan ka tura kwafi ga maigidansa a wurin aiki ko surukansa, ƙofar ƙarar ɓata suna ce. Kada kuma ka yi wa takardar kan wasiƙa ko hatimi mai kama da na kotu. Idan da gaske zamba aka yi maka, kai rahoto daban, kada ka mayar da shi abin ciniki a cikin wasiƙar.

"Yaya zan tabbatar ta isa gare shi?"

Ka aika ta hanyar da ke barin shaida: gidan waya mai rajista, ko ɗan aike da zai karɓo sa hannunsa a kan kwafi. Ka adana kwafinka da rasit ɗin aikawa.

"Idan wa'adin ya wuce bai ce komai ba fa?"

Sai ka yi abin da ka ce. Wanda ya aika "gargaɗin ƙarshe" sau uku ya koya wa wanda yake bi bashi cewa babu na ƙarshe. Ka kuma sani cewa wasiƙarka ba ta tsayar da wa'adin da doka ta ba ka na shigar da ƙara, don haka idan bashin ya daɗe, ka ga lauya tun yanzu. Idan kuwa ya amsa a rubuce ya yarda ana binsa, ka riƙe wannan amsar da kyau, domin hujja ce, kuma a wurare da dama tana sabunta lissafin wa'adin.