Bayanin Kuɗin Talla: Abin da Doka Ke Nema a Rubutun da Mai Mabiya Zai Karanta

Tallar da ake yi ta bakin masu ɗimbin mabiya a TikTok da Instagram ta zama ruwan dare a Gombe, kuma sau da yawa mai kaya ne ko yaron shagonsa yake rubuta kalaman da za a faɗa, ya tura ta waya, mai shafin ta haddace ta karanta. Wanda ya yi rubutun yakan ɗauka cewa idan matsala ta taso, fuskar da aka gani a bidiyo ce za ta amsa tambaya. Ba haka doka ta ɗauki lamarin ba, domin tana kallon mai kayan da ya ɗauki nauyin tallar, tana kuma kallon wanda ya yaɗa ta.

Dokoki biyu ne ginshiƙi a nan. Ta farko ita ce dokar shekarar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, wadda ta gaji APCON. A ƙarƙashinta akwai kwamitin da ke tantance talla kafin a fitar da ita ga jama'a, akwai kuma kotun musamman ta laifukan talla. Hukumar ta sanar cewa masu wasan barkwanci da masu tasiri a kafafen sada zumunta su ma sai sun sami amincewarta kafin su saki talla. Ta biyu ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa. Sashe na 125 na wannan doka ya haramta wa ɗan kasuwa yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na yaudara a kan abu mai muhimmanci, ko da baki ko a aikace, ya kuma haramta masa ya bar mai saye cikin kuskuren fahimtar da ta bayyana a fili ba tare da ya gyara masa ba.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta fi shafar marubuci. Idan mace ta ga wadda take bi kullum tana yabon wani sabulu, abin da zai fara zo mata shi ne shawara ce ta tsakani da Allah, irin wadda ƙawa ke bai wa ƙawarta. Da ta san an biya kuɗi, da ta auna maganar da wani ma'auni daban kafin ta ciro kuɗinta. Saboda haka biyan kuɗin abu ne mai muhimmanci ga mai saye, kuma rubutun da ya ɓoye shi ya bar ta cikin kuskuren fahimta da gangan.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya mai haɗa sabulun wanka a unguwar Pantami ta yi ciniki da wata matashiya mai mabiya da yawa a kan naira 80,000 da katon ɗaya na sabulu, domin bidiyo na daƙiƙa 45. Ga rubutun farko da aka tura mata: "'Yan uwana mata, kullum kuna tambayata sirrin fatata. Wata shida ke nan ina amfani da wannan sabulu, ya warkar mini da ƙyasbi da ƙuraje cikin kwana uku. Na ce bari in taimaka muku." Alhali shekaranjiya aka kai mata katon.

Laifin farko shi ne babu maganar kuɗi ko kaɗan, kuma jimlar "bari in taimaka muku" an sa ta ne domin ta kawar da zargin cewa talla ce. Gyaran shi ne bayanin ya zo a farkon magana, da bakinta, cikin Hausar da aka yi tallar da ita: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan talla ce. Masu wannan sabulu sun biya ni, sun kuma ba ni kyautar kayan." Ba ya cin fiye da daƙiƙa shida. Dalilin sa shi a farko a bayyane yake, tunda mafi yawan masu kallo ba sa kai ƙarshen bidiyo, kuma rubutun da ke ƙasan hoto yakan yanke bayan layi ɗaya ko biyu. Akwai wani dalilin da ya shafe mu musamman: bidiyo a wajenmu ba ya tsayawa inda aka ɗora shi, ana sauke shi a yi ta turawa a WhatsApp, kuma da zarar ya bar shafin asali, duk rubutun da ke ƙasansa ya ɓace. Abin da aka furta da baki, da abin da aka rubuta a jikin hoton kansa, su ne kawai ke tafiya da shi.

Don haka alamar `Paid partnership` da Instagram da TikTok suka tanada domin nuna cewa tallar biya ce, wadda dokokin kafafen ke neman a kunna, a kunna ta, amma kada a dogara da ita kaɗai. Haka ma `#ad`, wadda ba kowace mai kallo a Kumo ko Bajoga ce za ta san ma'anarta ba. Kalmar "talla" kowa ya san ta. A ganina kalamai irin su "godiya ga Hajiyata" ko "abin arziki daga mutanena" ba su wadatar ba, domin sun fi kama da zumunci, ba su faɗi cewa an yi ciniki ba. Sannan biya ba sai tsabar kuɗi ba. Kyautar kaya, kamasho a kan kowane sabulun da aka saya ta hanyarta, ko kasancewar mai kayan yayarta ce, duk alaƙa ce da ya kamata a faɗa.

Laifi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma faɗin cewa an biya ba ya wanke shi. Marubucin ya sanya wa matashiyar shaidar da ba ta da ita. Sashe na 126 na dokar 2018 ya yi magana a kan wallafa shaidar wani game da kaya, ya ɗora wa ɗan kasuwa nauyin nuna cewa mutumin ya ba da shaidar ko ya amince da ita, kuma abin da aka wallafa ya dace da abin da ya faɗa. Shaidar wata shida daga wadda ta kwana biyu da kaya kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma faɗa ƙarƙashin haramcin yaudara. Hanya mafi tsabta ita ce a ba ta kayan ta gwada na makonni, a tambaye ta abin da ta gani, sannan a gina rubutun a kan amsarta. Idan ba ta gwada ba, sai ta tsaya a kan abin da ido ke iya gani da abin da ke rubuce a kwali: "An haɗa shi da man kaɗanya, yana da ƙamshin lemun tsami, guda ɗaya naira 1,500."

Kalmar "warkarwa" kuma a cire ta ɗungurungum. Sabulu da man shafawa suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda ke yi musu rajista, kuma tallarsu tana buƙatar amincewarta daban da rajistar kayan. Da zarar an ce sabulu yana warkar da cuta, an yi masa iƙirarin magani, wanda rajistarsa ta kayan kwalliya ba ta ƙunsa ba.

Game da tsarin aiki, a kammala rubutun tukuna, mai kaya da mai shafi su amince da shi a rubuce, a haɗa da kwafin takardar rajistar NAFDAC, a miƙa wa ARCON da NAFDAC don tantancewa, kuma kada a saki bidiyon sai amincewa ta fito. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne lokacin ɗauka, sa'ad da mai shafin ta ji jimlar farko ta yi mata nauyi ta tsallake ta, ko daɗin magana ya ɗebe ta ta ƙara da "wallahi har tabon ƙuna yana gogewa". Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniyar cewa mai kaya zai kalli bidiyon kafin a ɗora shi, riƙe da takardar rubutun a hannu, yana bin ta layi bayan layi, kuma ragowar kuɗin ba za ta fita ba sai ya ji jimlar "wannan talla ce" a daƙiƙun farko.