Jiƙon kofi na ruwan sanyi

Jiƙon kofi na ruwan sanyi hanya ce ta fitar da ɗanɗanon kofi ba tare da an ɗora shi a wuta ba, inda ake barin ɓarzajjen kofi cikin ruwa na tsawon sa'o'i, a tace, a sami kakkauran ruwan da sai an sirka shi ake sha. Ana yawan danganta asalinsa ga birnin Kyoto na Japan, wasu kuma suna cewa fataken Holan ne suka kai shi can wajen ƙarni na 17, amma masana ba su haɗu a kan haka ba.

Haɗawa

Ana ɓarza kofin ya yi kamar tsaki, domin idan ya yi laushi kamar gari yakan toshe mataci, ya bar laka a gindin kwalba. Awon da aka saba shi ne kashi 1 na kofi ga kashi 4 ko 5 na ruwa, bisa nauyi. Wanda ya zuba giram 200 cikin lita 1, wato ledar ruwa biyu, zai tace abin da bai wuce kofin shayi uku ba, saboda diddigar tana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinta. Ana jiƙawa sa'a 12 zuwa 18 a ɗaki mai sanyi, ko 18 zuwa 24 a firji. Idan an gaza haka yakan fito salam, idan an zarce kuma bauri ya shige shi. A Kano, inda zafin bazara kan haura digiri 40, barin jiƙon a kan teburin kicin ganganci ne, firji ya fi.

Sirkawa

Kofi ɗaya na jiƙon ake haɗawa da ɗaya ko biyu na ruwa ko madara. Shansa zalla yana iya kawo bugun zuciya da rashin barci.

Ajiya

Tun da ba a tafasa shi ba, babu zafin da ya kashe ƙwayoyin cuta, tsaminsa kuma bai kai wanda zai hana su yaɗuwa ba. Don haka tsabtar ruwa da ta kwalba da sanyin da bai wuce digiri 4 ba su ne kariyarsa. Wanda ba a sirka ba yakan kai kwana 7 zuwa 10 a rufaffiyar kwalba, wasu na cewa mako biyu, amma wanda aka sirka da ruwa kwana 2 ko 3 ne kawai, mai madara kuwa a sha shi a ranar. Lissafin nan na firjin da ba a ɗauke masa wuta ba ne. Idan wuta ta yini ba ta dawo ba har kwalbar ta ɗumama, ko aka ga fumfuna a samansa, ko kumfa, ko yauƙi, ko aka ji warin tsami, zubarwa ake yi. Rashin wari kuma ba shaidar lafiyarsa ba ce, shi ya sa ake rubuta ranar da aka tace a jikin kwalbar.