Makamashin latis na gishiri: me ya sa lissafi biyu ba sa haɗuwa?

Malam, ta yaya ake samun makamashin latis tunda ba a iya auna shi kai tsaye?

Makamashin latis, U, shi ne makamashin da ke fita idan ayon, wato atom masu caji, suka haɗu daga tururi suka jeru suka zama ƙwayar gishiri. Zagaye ake yi, ta hanyar da Born da Haber suka fitar a Jamus a 1919. Dokar Hess ta ce kowace hanya ka bi, jimillar zafin ɗaya ce. Mu ɗauki gishirin miya, NaCl, duk alƙaluman a kilojul kan kowane mol. Mayar da ƙarfen sodiyam tururi yana cin 107. Cire masa elektiron guda yana cin 496. Raba rabin mol na Cl₂ zuwa atom-atom yana cin 122. Da kulorin ya karɓi elektiron sai ya saki 349. An kuma auna zafin haɗa gishirin daga sodiyam da kulorin, an samu −411.

```
U = −411 − (107 + 496 + 122 − 349) = −787 kJ/mol
```

Wuri biyu ɗalibai ke yin tuntuɓe: ko su manta raba kulorin biyu, ko su ba 349 alamar tarawa. Idan ka ga amsarka ta kai wajen −1485, to alamar ce ta juye maka.

To ɗaya lissafin, na jan caji, fa?

Shi ba ruwansa da auna zafi. Yana ɗaukar kowane ayon a matsayin ƙwallo mai tauri, cajinsa cikakke. Ga tsarin Born da Landé:

```
U = −(NA·M·z²·e² / 4πε0·r0)(1 − 1/n)
```

A gishiri M, lambar da ta dogara da yadda ayon suka jeru, 1.748 ne; z, cajin ayon, 1; r0, tazarar Na⁺ da Cl⁻, pikomita 282; n kuma, lambar turjiyar elektiron, 8. Jan caji kaɗai yana ba da −861. Ninka da 7/8 saboda turjiyar elektiron idan ayon sun matsu, ka samu kusan −753.

Wanne zan yarda da shi?

Na farko, domin daga awo ya fito. Amma a ganina giɓin da ke tsakaninsu shi ne abin dubawa. A NaCl bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, wato gishiri ya yi kusa ƙwarai da hoton ƙwallaye masu caji. Yanzu duba AgCl. Jerin ayon ɗinsa irin na gishiri ne sak, tazarar ma kusan ɗaya, don haka lissafin caji bai kai 800 ba. Zagayen kuwa ya haura 900. Dalili shi ne Ag⁺ yana janyo gajimaren elektiron na Cl⁻ zuwa jikinsa har su fara tarayya a kansa, tsarin Born da Landé kuma bai san da wannan ƙarin riƙon ba. Sai dai kafin ka ɗora wa tarayyar elektiron laifin giɓi, tabbatar M ɗin da ka saka na tsarin jerin da ya dace ne: na CsCl 1.763 ne, ba 1.748 ba.