Shaƙuwa bayan cin abinci da gaggawa ko shan lemon kwalba: me ke faruwa a jiki?

Duk wanda shaƙuwa ta kama, maƙogwaro yake dafewa, don a nan yake jin ƙarar. Amma abin ba daga can yake tasowa ba. A ƙasan huhu akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, likitoci na ce masa dayafiram. Shi ne babban ma'aikacin numfashi. Idan ya tsuke ya yi ƙasa sai ƙirji ya buɗe iska ta shiga, idan ya saki sai ta fita. Haka yake yi dare da rana ba tare da kun sa shi ba.

Wannan nama ba ya motsi sai an ba shi umarni, kuma mai kawo umarnin ita ce jijiyar firenik. Ba jijiyar jini ba ce, ta saƙo ce. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga laka suke fitowa a wuya, wajen gaɓar ƙashin wuya ta 3 da ta 4 da ta 5, su gangaro ta cikin ƙirji, su bi tsakanin zuciya da huhu har su iso dayafiram. A numfashi na yau da kullum saƙon da suke kawowa a natse yake zuwa, shi ya sa naman ke sauka a hankali. A shaƙuwa kuwa saƙon a dunƙule yake isowa lokaci guda, sai naman ya fizga. Iska ta taho da gudu za ta shiga huhu, amma kafin ta yi nisa, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙofar maƙogwaro ta rufe gam. Karon da iskar ta yi da rufaffiyar ƙofa shi ne wannan “hik” da kuke ji.

To me ya haɗa wannan da abinci? Maƙwabtaka. Tumbi yana zaune ne daf da ƙasan dayafiram ta ɓangaren hagu, kuma hanyar abinci ta cikin naman nan ta ratsa kafin ta isa tumbi. Akwai wata jijiyar saƙo ta biyu, sunanta bagas, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoton abin da ke faruwa a hanyar abinci da tumbi. Ita ma firenik ba umarni kaɗai take kaiwa ba, tana komawa da labarin duk abin da ya taɓa dayafiram. Idan tumbi ya kumbura farat ɗaya, jijiyoyin nan biyu suna kai ƙara gindin ƙwaƙwalwa, daga can kuma a turo wa dayafiram umarnin fizga. Tunani ba ya cikin wannan zagaye, shi ya sa ko kun ce ta tsaya ba ta saurare.

Mu ɗauki mutum guda. Ya wuni bai ci komai ba, ya samu abinci, yana da minti biyar kafin ya koma aiki. Lomarsa manya ce, taunar kaɗan ce, ga magana yana yi. Duk haɗiya tana tafiya da 'yar iska, amma mai gaggawa ya fi haɗiyar iska, don bakinsa a buɗe yake tsakanin loma da loma. Abincin ya tsaya masa a ƙirji, sai ya ɓalle lemon gwangwani mai sanyi, mililita 350, ya kwankwaɗe don ya tura shi.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Gas ɗin da ke cikin lemo an matse shi ne a cikin ruwan, kuma a lemo mai ƙarfin gas, idan aka sake shi gaba ɗaya yakan cika wuri ninki uku zuwa huɗu na ruwan da kansa. Wato wannan ɗan gwangwani yana ɗauke da gas wajen lita guda. Wani sashe na gas ɗin ya tsere lokacin da aka buɗe, gaskiya ne, amma wanda ya sha da sauri bai ba shi lokacin tserewa ba. Ruwan sanyi ya fi riƙe gas, ruwan ɗumi kuma sakinsa yake yi. Da lemon ya faɗa cikin tumbi mai ɗumi sai ya fara amayar da gas ɗinsa a kan abincin da bai taunu ba da iskar da ya riga ya haɗiya. Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da damuwa ba in an cika shi sannu a hankali. Wannan bawan Allah ya kai shi wurin cikin 'yan mintoci. Tumbi ya miƙe, ya tokari dayafiram, ga sanyin da ya bi ta hanyar abinci ya ƙara tsokanar jijiyar bagas. Bai ajiye gwangwanin ba shaƙuwa ta fara.

Irin wannan shaƙuwar ba cuta ba ce, kuma yawanci cikin 'yan mintoci take tafiya da kanta, sau da yawa bayan an yi gyatsa mai kyau tumbi ya sace. Wanda ya matsu, ya daina cin abincin, ya zauna a miƙe, ya ja numfashi ya riƙe kamar daƙiƙa 10 sannan ya saki a hankali, ya maimaita sau biyu ko uku. Dalilin yin haka shi ne iskar da jiki ke fitarwa tana ɗan taruwa a jini, taruwarta kuma tana lafar da fizgar. Kurɓar ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ma yana taimaka wa wasu, don yana ba jijiyar bagas wani saƙon da zai katse na farko. Ku lura na ce ruwa, kuma kurɓa. Wanda ya ƙara lemo don ya kashe shaƙuwa, fetur ya zuba wa wuta. Tsoratar da mutum kuwa ban ga amfaninsa ba, musamman in da abinci a bakinsa, don yana iya ƙwarewa.

Ga wanda abin ke yawan samunsa, gyaran a wurin cin yake. A rage girman loma, a tauna sosai, a bari an haɗiye kafin a yi magana. In za a sha lemo, a zuba a kofi a bar shi ya ɗan huce gas, a sha a hankali, kada a mai da shi abin tura abinci.

Jarirai suna yawan shaƙuwa bayan shan nono, har ma tun suna ciki suke yinta. A ɗaga jariri a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa, ya wadatar. Kada a ba wanda bai kai wata 6 ba ruwa saboda shaƙuwa.

Akwai kuma shaƙuwar da ba ta abinci ba, kuma ita ce ta fi sa ni rubuta wannan. Tun da jijiyoyin nan doguwar hanya suke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa ciki, duk abin da ya dame su a hanya yana iya tayar da shaƙuwa: ƙwannafi mai tsanani, ciwon huhu, ciwon ƙoda da ya sa datti ya taru a jini, shanyewar ɓarin jiki, giya, da wasu magunguna irin su dekzametason. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi awa 48 ne. In ta wuce haka, ko tana hana barci da cin abinci, a je asibiti, a tafi da duk magungunan da ake sha don a duba su. Akwai magungunan da likita ke rubutawa don tsayar da ita, amma sai an nemo abin da ya jawo ta. In kuwa ta zo tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko jiri mai hana tsayuwa, ba a jiran awa 48, a kai mutum asibiti nan take.