Asusun Karent, Asusun Ajiya da Ajiyar Wa'adi

Asusun karent, asusun ajiya da ajiyar wa'adi su ne manyan hanyoyi uku da bankuna a Najeriya ke karɓar kuɗin mutane. Duk ukun ajiya ce a hannun banki, kuma Babban Bankin Najeriya, CBN, ne ke tsara ƙa'idojinsu. Abin da ya raba su shi ne lokaci: yaushe mai kuɗi zai dawo neman kuɗinsa, kuma sau nawa. Kuɗin da ke shiga yana fita kullum, banki ne ke yi wa mai shi hidima, don haka sai ya caje shi. Kuɗin da zai kwanta wata uku ba a taɓa shi ba kuwa, banki ne ke juya shi, saboda haka shi ke biya. A allon na'urar ATM ko ta POS ana ganin biyun farko da sunan `Current` da `Savings`, na ukun kuma yana fitowa a manhajar banki da sunan `Fixed Deposit`.

Asusun karent

Wannan asusun 'yan kasuwa ne da kamfanoni da duk wanda kuɗi ba ya kwana a hannunsa. Babu ƙayyadadden adadin sau nawa za a cire kuɗi a wata, ana ba da littafin cak, kuma ta nan ne banki kan yarje wa amintaccen mai hulɗa ya ciri fiye da abin da ke cikin asusunsa, a matsayin bashi na ɗan lokaci. Galibi ba a biyan mai asusun komai a kan kuɗin da ya ajiye.

Buɗe shi ya fi buɗe asusun ajiya wahala. Bayan lambar BVN da ta NIN da shaidar wurin zama, banki kan nemi mutum biyu masu irin wannan asusu su tsaya wa mai nema. A nan ne baƙon da ya sauka Agege ko Idi-Araba a Legas kan tsaya cak, don bai riga ya yi sanin da wani zai sa masa hannu ba. In asusun na kamfani ne, sai an kawo takardun hukumar rajistar kamfanoni, CAC.

Dalilin wannan tsantseni shi ne cak. Wanda ya rubuta cak ya yi alkawarin kuɗi ne da sunan banki, kuma dokar 1977 kan cak ɗin da aka mayar ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya karɓi kaya da cak alhali ya san babu kuɗi a asusunsa. Cak yana lalacewa bayan wata 6 da ranar da aka rubuta a jikinsa.

Cajin da ya keɓanta da wannan asusu shi ne kuɗin kula da asusu. Da can ana kiransa COT, aka soke shi a 2016, wannan ya maye gurbinsa. A ƙa'idar CBN ta 2020, iyakarsa Naira 1 a kan kowace Naira 1,000 da mai asusu ya fitar, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan cajin. A kan kuɗin da ya fita ake lissafinsa, ba a kan ribar mai asusu ba, kuma wannan ne ke sa ya yi wa masu babban jari da ƙaramar riba nauyi. Naira 1 ɗin nan ita ce ƙololuwa, ana iya neman ragi, wasu bankunan ma suna yafe ta ga wanda zai bar wani adadi a cikin asusun ba ya taɓawa. Mutane da yawa ba sa tambaya, alhali tambayar ba ta cin ko kwabo.

Asusun ajiya

Shi ne wanda mafi yawan mutane ke da shi: mai gadi, ɗan acaɓa, mai shayi, ɗalibi, ma'aikaci. Babu kuɗin kula da asusu irin na karent, ba a neman masu tsayawa, sai dai ƙa'idar CBN ta 2020 ta amince a cire Naira 50 duk wata uku don kula da katin cire kuɗi. Akwai matakin farko da ake buɗewa da 'yan takardu kaɗan, amma shi ba ya ɗaukar fiye da Naira 300,000. Wanda aka turo wa kuɗi masu yawa ya ga sun ƙi shiga, sau da yawa wannan iyakar ce ya ci karo da ita, kuma maganinta shi ne ya kai cikakkun takardunsa a ɗaga masa mataki.

Banki yana biyan kuɗin ruwa a kan wannan asusu. CBN ya ɗaure mafi ƙarancinsa da ma'aunin ruwan da shi kansa yake sanarwa, wato MPR: kashi 30 cikin 100 na ma'aunin. An taɓa rage shi zuwa kashi 10 a 2020, aka mayar da shi 30 a watan Agustan 2022. Da MPR ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, mafi ƙarancin abin da mai ajiya zai samu ya zama 8.25 cikin 100 a shekara. Akwai sharaɗi guda da ba kasafai ake faɗa wa mutane ba: wanda ya cire kuɗi fiye da sau 4 a wata ya rasa kuɗin ruwan wannan watan. A gari irin Legas, inda ake biyan kuɗin mota da na abinci da tiransifa, kusan kowa yana wuce sau 4 kafin mako ya ƙare.

Ajiyar wa'adi

Wannan yarjejeniya ce: mai kuɗi ya ba banki adadi kaza, na kwana kaza, a kan kaso kaza. Wa'adin da aka saba shi ne kwana 30, 60, 90, 180 ko shekara guda. Ba a ba da kati ko cak a kansa, ba a tura kuɗi daga cikinsa. Kason ba ɗaya ba ne ga kowa, ciniki ake yi, kuma mai miliyan 50 ya fi mai dubu 500 ƙarfin baki.

Misali daga kasuwar Mile 12

A ɗauki dillalin albasa da ke sauke kaya daga Sakkwato da Kebbi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. A ce a wata yana tura wa manoma da masu motoci da 'yan lodi jimillar Naira miliyan 40 daga asusun karent. In banki ya caje shi cikakkiyar Naira 1 a kan dubu, kuɗin kula da asusu zai kama Naira 40,000, VAT kuma 3,000, wato 43,000 a wata ɗaya. Abin da yake saye da wannan kuɗi shi ne cak, da damar neman bashi, da takardar bayanin asusu mai nuna girman kasuwancinsa in zai nemi kwangilar kai kaya otal ko babban kanti. In ba ya amfani da ko ɗaya daga cikin waɗannan, to yana biyan hidimar da ba ya mora.

A ce kuma wannan dillali ya ware Naira miliyan 4 na hayar gida da shago, waɗanda sai bayan wata uku za a biya, tunda a Legas haya ta shekara ake biya a dunƙule. In ya bar su a karent, za su zauna yadda suke, ga kuma haɗarin su narke cikin kuɗin kasuwa ba tare da ya lura ba. In ya sa su a asusun ajiya a kan 8.25 cikin 100, bai cika cira ba, zai samu kimanin Naira 81,000 a kwana 90. In kuma ya yi ajiyar wa'adi ta kwana 90, a ce sun daidaita da banki a kan kashi 15, ga yadda lissafin yake:

```
4,000,000 × 0.15 × 90 ÷ 365 = 147,945
```

Daga nan za a cire harajin kashi 10 cikin 100 na ribar, kusan Naira 14,795, ya rage masa 133,150.

A wannan gaɓar ce aka fi samun saɓani tsakanin masu ajiya da ma'aikatan banki. Mutum ya ji "kashi 15" sai ya lissafa Naira 600,000, ya ɗauka abin da zai karɓa ke nan bayan wata uku. Kason da banki ke ambata na shekara ne cur, sai a raba shi gwargwadon kwanakin da kuɗin ya yi. Kafin a sa hannu, ya kamata mai kuɗi ya nemi a rubuta masa, da lambobi, nawa zai karɓa ranar cikar wa'adi bayan an cire haraji.

Abu biyu kuma suna iya ɓata lissafin. Na farko, fasa ajiyar kafin lokaci. In motar kaya ta lalace a hanya, dillalin ya koma neman kuɗinsa a kwana na 50, banki zai ba shi uwar kuɗinsa, amma zai zaftare wani ɓangare na ribar, gwargwadon abin da ke rubuce a takardar yarjejeniya. Na biyu, sabuntawa. In wa'adi ya cika bai ba da umarni ba, bankuna da dama kan sake ɗaure kuɗin na wani zagaye, a kan kason da ake yayi a ranar, wanda zai iya gaza na farko. Ranar da maigidan haya ya buga ƙofa, sai a tarar kuɗin yana ɗaure.

Tsadar kaya ma tana cin nata. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 15 a irin wannan shekara yana ƙaruwa a lamba ne, amma abin da zai saya raguwa yake yi. Saboda haka ajiyar wa'adi ta fi dacewa da kuɗin da aka san ranar da za a kashe shi, ba da jarin da ya kamata ya kasance cikin buhu ko a turke ba.

Batun kuɗin ruwa

Mafi yawan Hausawan Legas Musulmi ne, kuma ga da yawa daga cikinsu duk wannan lissafi ba ya tasowa, domin ƙayyadadden ƙari a kan kuɗin da aka ba banki riba ce da shari'a ta hana. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da dama a Alaba Rago da mayankar Oko-Oba suka fi natsuwa da karent duk da cajinsa, wasu kuma suke roƙon banki kada ya sa musu ruwa a asusun ajiya.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna da kwatankwacin asusun uku. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus kuma, wanda hedikwatarsa ke Legas, a 2021. Karent ɗinsu rance ne mai asusu yake ba banki, a mayar masa daidai ba ƙari. Ajiyar wa'adinsu kan tafi a tsarin mudaraba: banki ya juya kuɗin a kasuwanci na halal, a raba ribar da aka samu bisa rabon da aka amince tun farko. Rabon ne a yanke, adadin kuɗin ba a yanke yake ba, don haka abin da aka samu wannan zango zai iya bambanta da na gaba.

In banki ya durƙushe

Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, wadda aka kafa a 1988, tana tsaya wa duk nau'ukan ukun. A 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 kuma a ƙananan bankuna na maikurofainans. An ga aikin wannan tsari da CBN ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Iyakar ta mutum ɗaya ce a banki ɗaya, ana haɗa duk asusunsa wuri guda. Dillalin da ke da miliyan 3 a karent da miliyan 4 a ajiyar wa'adi a banki guda, miliyan 5 zai fara karɓa, sauran miliyan 2 kuma sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussukan da yake bi.